Ƙishirwar da ke kashe injin ruwa

A unguwanninmu na birni, inda kusan kowane gida mai ɗan hali ya ɗora tanki a kan ƙarfe, akwai asara iri biyu da ke tattare da ruwa. Ta farko kowa yana ganinta: tanki ya cika, ruwa na kwarara ta bango har titi, maƙwabta na buga ƙofa suna cewa a kashe inji. Ta biyu ba ta da shaida, domin injin yana nan yana kukansa kamar kullum, wanda ya kunna shi yana ɗaki hankalinsa kwance, alhali ruwan da yake ja ya ƙare tuni, yana juyawa ne a bushe. Asara ta farko kuɗin ruwa da na wuta take ci, sai kuma ɗan abin kunya a idon maƙwabta. Ta biyun injin ɗungurungum take cinyewa. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, yawancin masu sa wa tankinsu na'urar kashe kai suna maganin ta farko ne kawai, su tafi da zaton sun yi maganin duka biyun.

Ni malami ne a fannin injiniyan lantarki, kuma duk wanda ya karanci wannan fanni ya san cewa a cikin dangi shi ne mai gyaran komai, daga fitilar hannu har janareta. Saboda haka injinan ruwa da suka mutu da yawa sun ratsa ta hannuna, na 'yan uwa da na abokan aiki da na masallacin unguwa. Kusan duk lokacin da aka kira ni, bayanin guda ne: wuta ce ta zo da ƙarfi ta ƙona shi. Wani lokaci hakan gaskiya ne. Amma sau da yawa idan aka kwance injin, abin da ake tararwa ba aikin wuta ba ne, alamun ƙishirwa ne.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ruwa yake yi wa injin, ban da kasancewarsa kayan da injin ke ɗauka. A injin da ake girkawa a doron ƙasa, akwai wani zobe da masu gyara ke kira sil, a daidai inda sandar mota ta shiga gidan farfela. Fuska biyu ne masu santsi, galibi ɗaya ta gawayi ɗaya ta tangaran, suna gugar juna kusan sau 2,900 a minti guda. Abin da ke hana su cinye juna shi ne wani siririn ruwa da ke shiga tsakaninsu, yana yi musu aikin mai, yana kuma ɗauke zafi. Idan ruwan ya yanke, cikin 'yan mintuna fuskokin za su yi zafi su tsage, robar da ke riƙe da su ta ƙone. Daga ranar injin zai fara ɗigo, ruwa ya bi sanda ya shiga boris, a ƙarshe ya kai ga naɗin waya. Shi kuwa sumo, wanda ake zurawa cikin rijiyar burtsatse, lamarinsa ya fi tsanani, domin ruwan da ke kewaye da shi ne kaɗai ke sanyaya motarsa, kuma farfelolin da yawa daga cikinsu na roba ne, zafi kaɗan ke lanƙwasa su.

Akwai wani abu da kan ba mutane mamaki idan na faɗa musu. Bireka da ke jikin bango ba za ta ceci injin da ke gudu a bushe ba. Aikinta shi ne ta yanke wuta idan inji ya ja fiye da kima. To amma injin ruwa mai farfela idan ya rasa ruwa nauyi ne ya sauka daga kansa, sai ya ja wuta ƙasa da yadda ya saba. Injin ƙarfin doki ɗaya da ke jan kimanin amfiya 5 yana cikin aiki, yakan sauka sosai, wani lokaci kusan rabi, idan iska yake kaɗawa. A wurin bireka lafiya lau ake, alhali sil yana can yana toyewa. Wannan ne ya sa dole a nemi wani mai gadin na daban, wanda idonsa ke kan ruwan kansa.

Mai gadin da ya fi araha shi ne makunnin nan mai iyo da ake kira fulot. Wani ƙunshi ne na roba, rufaffe ruf, a ƙarshen waya mai kauri. A cikinsa akwai ƙwallon ƙarfe da ɗan ƙaramin makunni. Idan ruwa ya ɗaga shi ya kalli sama, ƙwallon ya gangara gefe guda. Idan ruwa ya sauka ya rataye yana kallon ƙasa, ƙwallon ya koma ɗaya gefen ya danna makunnin. Wayoyi uku ne ke fitowa daga cikinsa. Ɗaya uwa ce, sauran biyun kuwa ɗaya tana haɗuwa da uwar idan fulot yana sama, ɗayar idan yana ƙasa. Launin wayoyin yakan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, shi ya sa mai aikin kirki yake gwadawa da mita, yana ɗaga fulot da hannu yana saukewa, kafin ya ɗaura komai.

Yadda aka saba yi shi ne a sayi fulot guda a jefa a tankin sama. Idan ruwa ya yi ƙasa ya kunna inji, idan ya cika ya kashe. Tanki ya daina ambaliya, maigida ya gode wa mai gyara. Amma mu tsaya mu duba abin da wannan fulot ɗin ya sani. Ya san tankin sama yana buƙatar ruwa, bai san ko akwai ruwan da za a ja ba. Ranar da tankin ƙasa ya ƙafe, tankin sama ba zai taɓa cika ba, don haka fulot ba zai taɓa ba da umarnin tsayawa ba. Da can, lokacin da mutum ke kunnawa da hannu, akwai yiwuwar wani ya ji kukan injin ya sauya ya kashe. Yanzu kuwa injin zai iya tashi da kansa ƙarfe biyun dare idan an kawo wuta, ya yi ta juyawa a bushe har gari ya waye. Ke nan fulot guda a sama, ba tare da na ƙasa ba, ya ƙara wa injin haɗari ne a kan wanda yake ciki.

Haka ya faru a gidanmu na gado, inda mahaifiyata take zaune da iyalan ƙannena. Wani mai gyara ya sa musu fulot a sama, aka yi wata biyu ana sambarka, sai aka shiga bazara ruwan famfo ya ɗauke na kwanaki, injin ya kwana yana gudu a kan tankin ƙasa da babu komai a ciki. Da na tambayi mai gyaran dalilin da ya sa bai sa na ƙasa ba, sai ya ce: “Dakta, ai Hajiya cewa ta yi ruwa na zuba, shi ne na tsayar mata da shi.” Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren, abin da aka kai masa kuka a kai shi ya gyara. Da aka sayi sabon inji, sai na zauna na tsara aikin da kaina, kuma lissafin da na yi a can shi nake so in shimfiɗa wa mai karatu, domin kowa na iya sauya alƙaluman ya sa na gidansa.

Tankin sama na gidan lita 2,000 ne, faɗinsa mita 1.3, tsayinsa mita 1.5. Wannan na nufin kowane santimita ɗaya na zurfin ruwa a cikinsa kimanin lita 13 ne. Injin yana kai kusan lita 30 sama a minti guda, mutanen gidan kuma suna amfani da wajen lita 1,500 a yini. Na sa injin ya riƙa tsayawa idan ruwa ya kai santimita 135, ya tashi idan ya sauko zuwa 60. Tazarar santimita 75 ke nan, wato kusan lita 1,000, aikin minti 33. A haka injin sau ɗaya ko biyu zai tashi a rana. Da tazarar santimita 3 ce kawai, kamar yadda ake samu idan aka ɗaure fulot gajere, da lita 40 kacal zai riƙa zubawa ya tsaya, ya tashi kusan sau 38 a yini. Mota kuwa a lokacin tashi take jan wuta ninkin-ba-ninkin na wadda take ja tana tafe, kuma a nan kafasita da naɗin waya suka fi wahala. Shi ya sa masu ƙera injina ke ƙayyade yawan tashinsu, wasu ma kan ce kada ya wuce sau 20 a awa.

Tazarar nan da tsawon waya ake saita ta. Akwai wani nauyi da ke zuwa da fulot, ana zura shi a jikin wayar. Abin da ya rage tsakanin nauyin da kan fulot shi ne hannun da yake lilo da shi. Hannu mai tsawon kusan rabin mita ya ba ni tazarar da nake so, na kuma rataye shi nesa da bango da kuma inda ruwa ke faɗowa, don kada ya maƙale ko igiyar ruwa ta riƙa kaɗa shi. Wani zai ce me ya sa ba a bari tanki ya kusa ƙarewa kafin inji ya tashi ba? Amsar tana wurin masu ba da wuta. A ƙasar da ba ka san yaushe za a kawo ba, santimita 60 ɗin nan, kimanin lita 800, shi ne guzurin gida na rabin yini idan buƙatar tashi ta zo babu wuta.

Fulot na biyu, wanda shi ne ainihin mai gadin injin, na sa shi a tankin ƙasa. Wannan tanki ginin siminti ne, mita 2 a mita 2, kowane santimita lita 40. Bakin bututun da ke zuƙo ruwa yana santimita 10 daga ƙasan tankin. Ba a jiran ruwa ya sauko daidai bakin bututu, domin tun kafin nan yake fara juyawa kamar a mazurari, iska ta bi ta tsakiyar juyin ta shiga inji. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji Hausawa, kuma wannan magana ta dace da injin doron ƙasa sarai: idan iska ta shiga cikinsa ta kore ruwan da ke gidan farfela, ba zai sake ja ba ko da tanki ya cika daga baya, sai an buɗe an ɗura masa. Don haka na sa fulot ya yanke a santimita 25, kuma kada ya yarda a sake tashi sai ruwa ya kai 55. Tsakanin nan akwai lita 1,200, wanda ya isa cika tankin sama sau ɗaya ba tare da tsayawa a hanya ba.

Mahaifiyata ba ta ji daɗin wannan ba da farko. Ta leƙa ta ga ruwa kwance a ƙasa, wajen lita 1,000, injin kuma ya ƙi motsi. Ta ce: “Kai yanzu ga ruwa ina gani da idona, ka ce mini injinka ya ce babu?” Na ce: “Hajiya, wannan na guga ne. Idan injin ya shanye shi yau, gobe babu ruwan babu injin.” Ta yi shiru, daga baya ta sa aka nemo guga da igiya aka rataye a kusa.

Yadda ake haɗa su biyun shi ne zuciyar aikin. Ana jera su ne a layi guda, wuta ta bi ta fulot na ƙasa, ta wuce ta na sama, sannan ta isa inda za ta tayar da inji. Na ƙasa ana ɗaukar wayoyinsa da ke haɗuwa idan yana sama, wato akwai ruwa. Na sama ana ɗaukar waɗanda ke haɗuwa idan ya sauka, wato ana buƙata. Sai duka biyun sun amince inji ke tashi, kuma ko wanne ya janye amincewarsa inji ya tsaya. Wani alherin wannan jeri shi ne, idan ɓera ya ci waya ko rana ta tsinka ta, injin tsayawa zai yi. Gidan zai rasa ruwa na yini guda a nemi dalili, wanda ya fi sauƙi a kan a rasa inji.

Kada kuma a bar wutar injin kanta ta bi ta cikin fulot. Makunnin cikinsa ƙarami ne, kuma lambar amfiya babba da ake rubutawa a jikinsa galibi ta kaya irin su hita ce. Abin da yake iya ɗauka na mota ya yi ƙasa da haka sosai. Duk tashi da tsayawa tartsatsi ne a bakin makunnin, wata rana sai bakin ya narke ya manne, kuma idan ya manne a haɗe, injin ba zai sake tsayawa ba. Maganin shi ne kontakta, wani babban makunni mai maganaɗisu da ake sawa a akwati kusa da inji. Fulot ɗin 'yar wuta kaɗan suke aika masa, shi kuma ya ɗauki nauyin motar. Ya fi kyau ma a sa ƙaramar taransifoma, wutar da za ta shiga tanki ta zama bolt 12 ko 24 maimakon 230, domin ruwan nan yara ke wanka da shi. A sa bireka mai gane yoyon wuta, ta miliamfiya 30, kuma kada a yi ɗaurin waya a cikin tanki ko da an naɗe shi da salatif.

Akwai wani makunni da kusan kowane mai gyara ke sawa, na kunnawa da hannu idan na'urar ta ba da matsala. Ban ƙi shi ba, amma a nan ne aiki mai kyau ya fi lalacewa. Idan makunnin hannu ya tsallake fulot duka biyu, to ranar da aka fi buƙatar kariya ita ce ranar da za a cire ta, domin lokacin da ruwa ya ƙare inji ya ƙi tashi ne wani zai je ya murɗa shi. Makunnin hannu fulot na sama kaɗai ya kamata ya tsallake. Na ƙasa kada a ba kowa ikon wuce shi, har maigidan.

Wanda ruwansa daga rijiyar burtsatse yake fitowa kai tsaye zai ce shi ba shi da tankin ƙasa. Matsalarsa ce ta fi girma. Kano da Zariya da garuruwa da yawa na wannan yanki suna zaune ne a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa a ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa yake taruwa, shi ya sa rijiyoyi da dama ba su da ƙarfin ɓuɓɓuga, musamman daga watan Maris zuwa Mayu. Mu ɗauki rijiya mai bututun inci 5, wadda kowace mita ɗaya ta zurfinta ke riƙe kusan lita 12. Idan ruwa ya kai mita 20 a kan sumo, ajiyar lita 240 ke nan. Rijiyar tana kawo lita 10 a minti, sumo yana ɗibar 30, giɓin lita 20 ne. Cikin kimanin minti 12 ajiyar ta ƙare, alhali tankin sama na buƙatar fiye da rabin awa. Alamar ita ce ruwa ya fara fitowa da tari, yana yankewa yana dawowa da iska. Fulot ba ya samun wurin lilo a cikin wannan matsatsin bututu, don haka ana zura 'yan sandunan ƙarfe marasa tsatsa guda uku a kan waya: ɗaya can ƙasa, ɗaya kimanin mita guda a saman sumo don yankewa, ɗaya a can sama don ba da izinin tashi. Ruwan da kansa ne ke haɗa 'yar wuta tsakaninsu. Akwai kuma akwatin da ke lura da saukar wutar da mota ke ja, ya kashe ta, ya jira mintunan da aka saita masa. A misalin nan jiran ba zai gaza rabin awa ba, domin rijiya takan rage saurin cikowa yayin da ruwanta ke hawa.

Ɗalibaina sun fi sha'awar na'urar awo da sauti, kuma kusan kowace shekara sai wani ya kawo ta a matsayin aikin kammala karatu. Ana manna ta a murfin tanki tana kallon ƙasa. Takan saki sautin da kunnen mutum ba ya ji, mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, ya bugi fuskar ruwa ya dawo, sai a auna lokacin da ya ɗauka. A ninka lokacin da gudun sauti, a raba biyu saboda zuwa da dawowa, an samu nisan ruwa daga murfi. Sauti na tafiyar mita 343 a daƙiƙa a iska mai ɗumin digiri 20, yana ƙara kusan mita 0.6 a kan kowane digiri. A cikin baƙin tankin roba da rana tsaka, inda iska kan kai digiri 45, gudun ya zama wajen 358. Idan ba a gyara lissafin ba, nisan santimita 90 zai fito kusan 86, kuskuren lita 50 a tanki irin namu. Wannan kuskure ne da gida zai iya zama da shi.

Wanda ba a iya zama da shi shi ne na raɓa. Iskar cikin tanki jiƙe take, da dare tururi yakan taru a murfi ya zama ɗigo. Ƙaramar na'urar nan mai ido biyu, HC-SR04, wadda ɗalibai ke saye saboda araha, ba a yi ta don danshi ba, ba ta daɗewa take tsatsa. 'Yar uwarta JSN-SR04T tana jure ruwa, amma ba ta ganin abin da ya matso ta ƙasa da santimita 20 zuwa 25, don haka dole a bar mata wannan fili ko da tanki ya cika. Ɗigon ruwa a fuskarta, ko bututu ko tsani da ya gitta a gabanta, na iya sa ta ce ruwa yana kusa alhali babu. A tankin sama wannan ƙarya inji kawai za ta hana tashi. A tankin ƙasa kuwa cewa za ta yi a ja, akwai ruwa, kuma wannan ita ce ƙaryar da ke kashe inji. Fulot ba ya lissafi, ruwa ne ke ɗaga shi da ƙarfinsa, shi ya sa ya fi wuyar ruɗuwa.

Duk da haka na'urar sauti tana da wata baiwa da fulot ba shi da ita, kuma ita nake matsa wa ɗalibaina su yi amfani da ita. Fulot matsayi biyu kawai ya sani, sama da ƙasa, ita kuwa tana ganin ruwa yana hawa. A tankinmu, lita 30 a minti na nufin hawan fiye da santimita 2 a minti, wato kusan 11 a minti biyar. Sai a gaya wa ƙaramar kwamfutar da ke kula da ita cewa idan inji ya yi minti biyar yana gudu ruwa bai hau ko santimita 4 ba, ta kashe shi ta kunna jar fitila. Wannan doka guda tana kama abin da fulot biyu ba za su kama ba: tankin ƙasa cike yake, amma bawul ɗin bakin bututu ya yi yoyo ruwan cikin inji ya zurare, ko bututu ya fashe a hanya. A ƙara mata cewa inji kada ya wuce minti 45 a tashi guda, kada ta yanke hukunci da awo ɗaya sai ta ɗauki bakwai ta riƙi na tsakiyarsu, kuma idan sauti bai dawo ba ta ɗauka umarnin tsayawa ne. Ra'ayina shi ne a sa ta a sama ta yi awo da lura, a bar fulot a ƙasa a kan layin kontakta, ta yadda ko kwamfutar ta rikice ba ta da ikon tayar da inji a kan busasshen tanki.

Duk wannan tsari yana buƙatar gwaji, kuma gwajin ba ya cin minti biyar. Sau ɗaya a wata, yayin da inji ke gudu, a sa sanda busasshiya a danna fulot na ƙasa ya nutse ya kalli ƙasa. Dole a ji kontakta ta yi ƙara inji ya tsaya nan take. A sake shi, a je sama a ɗaga na can, shi ma dole ya tsayar. A murɗa makunnin hannu a maimaita gwajin na ƙasa, domin a nan ne ake gane ko mai gyara ya tsallake shi. A girgiza fulot a kusa da kunne: ƙarar ƙwallo ake so a ji, idan aka ji motsin ruwa a ciki to ya huje, a sauya shi.

Fulot biyu da kontakta da akwatinsu ba su kai kuɗin sabon inji ba, ba su ma kusa ba. Amma ina ganin rijiyoyin da aka haƙa wa makarantu da masallatai da unguwanni, an kashe kuɗi mai yawa a kan haƙa da tanki da fentin sunan wanda ya ba da gudummawa, sannan a bar sumo ba mai gadi a hannun duk wanda ya fara isowa wurin makunni. Idan bazara ta zo ya ƙone, sai a ce rijiya ta lalace, mata da yara su koma bin 'yan garuwa, alhali rijiyar lafiyarta ƙalau, hutun rabin awa kawai take nema tsakanin ɗiba da ɗiba. Duk wanda zai karɓi irin wannan aiki daga hannun ɗan kwangila ko mai gyara, na gidansa ne ko na jama'a, ya yi masa tambaya guda kafin ya biya cikon kuɗi: idan ruwan da ake ja ya ƙare da tsakar dare, mene ne zai kashe injin nan? Idan ya nuna tankin sama, aikin bai ƙare ba. A sa shi ya nuna na ƙasa, ya kuma gwada shi a gaban ido.